Biki ɗaya, baki huɗu: ku zauna mu yi ta

Na san ku, masu karatun littafi da jan biro a hannu. Da an ce marubuci zai ba da labarin yinin biki ɗaya ta bakin mutum huɗu, sai ku taɓe baki ku ce, "Kai, labarin ne ya ƙare masa, yake neman cika shafi." To, ku gyara zama. Malam mai gardama, ajiye biron tukuna, ba gudu zan yi ba.

Tambaya ɗaya zan fara yi maka. A bikin da ka je na ƙarshe, me ka gani? Ka tsaya a ƙofar masallaci, ka ji wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, an faɗi sadaki, an shafa fatiha, ka cusa goro da alawa a aljihu ka kama gabanka. Ke kuma Hajiya da kike masa dariya, kina cikin gida wajen tukwane da anko, ɗaurin auren ma a bakin yara kika ji an yi shi. Bikinmu a rabe yake, maza a waje, mata a ciki, 'yan mata a ɗakin amarya sun turo ƙofa. Babu baƙo ɗaya da ya ga yinin gaba ɗaya. Saboda haka marubucin da ya ɗora labarin a kan mutum ɗaya mai cewa "na gani", ko dai ya bar rabin bikin a duhu, ko ya sa mutumin nan laɓe a inda bai isa ya shiga ba.

"To ai sai marubucin ya faɗa da bakinsa, shi da ya san komai." Gaskiyarka, haka aka saba, kuma ba laifi ba ne. Amma akwai abin da za ka rasa, bari in nuna maka.

Ga labarin. Motocin ɗaukar amarya sun iso bayan magariba, ba a fito da ita ba sai bayan isha'i. Shi ke nan abin da ya faru. Babban abokin ango ne zai fara magana. Yana jingine da mota, direbobi suna masa ƙorafi, ango yana ta kiran wayarsa. A wurinsa magana a fili take: mata ne suke ja masa rai don a ƙara musu kuɗi, kuma an raina su. Sai gwaggon amarya ta karɓa. Ita ta ga ƙofar ɗakin amarya a kulle, ta ga matar uban yarinyar, wadda ita ce uwar biki, tana kai-komo fuska a murtuke, sai ta yanke hukunci cewa kishiyar uwa ce ta ɓata wa yarinya rai a kan kayan ɗaki. Ta uku babbar ƙawa ce, tana cikin ɗakin. Ta san amarya ta ce ba inda za ta sai ta ga wani mutum, amma ta rantse mata ba za ta faɗa ba, har mu masu karatu sai kewaye-kewaye take mana. Na ƙarshe ƙanen amarya ne, ɗan shekara goma. Shi damuwarsa ɗaya, an tashe shi daga kan kwanon shinkafa an aike shi wata unguwa ya kira Inna, aka ce ya shigo da ita ta gidan maƙwabta, kada Baba ya gani. Yaron bai ce mana an saki uwarsu ba, bai ce ba a gayyace ta ba. Kai mai karatu kai za ka haɗa.

Ka ga abin da za ka rasa? Da marubuci ya faɗa da bakinsa, jimla biyu ta ishe shi, kai kuma ka yi hamma. A nan kuwa ka yarda da abokin ango, ka koma ka yarda da gwaggo, sai yaro mai maiƙo a hannu ya kunyata ku duka.

Hajiya ta ɗaga hannu: "Ni fa rikicewa nake, ban san wa ke magana ba." Wannan ƙorafin naki na karɓe shi, amma laifin marubuci ne. Gwajin mai sauƙi ne. Rufe sunan da ke saman babi ki karanta layi uku. In ba ki gane mai magana ba, marubucin ya sa wa mutum ɗaya riguna huɗu ne kawai. Gwaggo ba ta ambatar mutum sai ta haɗa da uwarsa da kakarsa, kuma kowane biki sai ta auna shi da na zamaninta. Abokin ango lissafi ne a bakinsa, kuɗin mai, yawan motoci, ƙarfe nawa. Yaro jimlolinsa gajeru ne, idonsa na kan abinci da takalman mutane. Wannan ya fi zama dole a wurinmu, inda ake karanta littattafai a rediyo, mai sauraro ba ya ganin sunan da aka rubuta a saman shafi.

Malam ya dawo: "Kuma sai in karanta ɗaurin aure sau huɗu?" A'a, wanda ya yi maka haka ka mayar masa da littafinsa. Kafin ya fara rubutu, marubuci ya ja layi a takarda, lokutan salla a gefe ɗaya, sunayen masu magana a sama, ya cike inda kowa yake da abin da ya sani a lokacin. Kowane mai magana ya ɗauki yinin daga kusa da inda na baya ya ajiye. Abu ɗaya ko biyu kawai za su gani tare, kamar ɗauke wuta ana kiran isha'i. Abokin ango ya kunna fitilar mota, gwaggo ta yi salati, yaro kuwa a cikin duhun nan ya shigo da Inna. Takardar nan ita ke kama ɓarawo: in gwaggo ta faɗi abin da aka yi a cikin ɗakin da ta tarar a kulle, marubuci ya yi maguɗi.

Nawa ne suka isa? William Faulkner ya sa mutum 15 magana a As I Lay Dying a 1930, amma kai da ka fara jiya kada ka ɗauko wannan kaya. A gajeren labari uku ko huɗu sun isa. Cire mutum ɗaya ka gani, in labarin bai rame ba, dama cin shinkafa ya zo yi.

Na ji mai cewa, "Ina amarya? A bikinta a hana ta magana?" Eh, da gangan. Ita ce ta san komai, da ta buɗe baki labari ya ƙare a shafin farko. Kuma ku da kuke wannan tambaya, yaushe kuka taɓa jin muryar amarya ranar kai ta, ku da sai an sayi bakinta?

Wanda har yanzu bai gamsu ba, kada ya yi gardama da ni. Ranar Asabar mai zuwa akwai biki a unguwarku, ai ba a rasawa. Washegari ka tambayi mutum uku dalilin da ya sa aka makara kai amarya, kowa shi kaɗai. In amsarsu ta zo ɗaya, ka zo ka karɓi goronka.