Ƙarin aiki, ƙarin kuɗi, amma da ladabi

Mu masu aikin kanmu, masu zana tambari da katin biki da takardar talla, halinmu ɗaya ne ko a Kano ko a Zariya. An yi ciniki, an ba da kafin alƙalami, aiki ya kusa kammala, sai saƙon murya ya shigo ta WhatsApp: don Allah a ɗan ƙara kaza. Wasunmu kunya ta sa su ce ba komai, su kwana suna aiki suna ƙunƙuni. Wasu kuma su mayar da amsa a fusace, ciniki ya lalace. Duka biyun asara ce, kuma saƙo guda mai tsari yana maganinsu.

A ce wata Hajiya mai sayar da turaren wuta ta ba ka aikin tambari da takardar talla ɗaya a kan naira 40,000, gyara sau biyu, a miƙa ranar Alhamis. Ta biya rabi. Ranar Talata ta turo murya: tana son sitika ta manna wa kwalabe, girma uku, da ɗan bidiyon da za ta sa a waya. Abin da yatsunmu ke fara bugawa shi ne: “Haba Hajiya, wannan ai ba ya ciki, sai dai ki ƙaro wani abu.” Gaskiya ka faɗa, amma ba ka ce nawa ba, ba ka ce yaushe ba, kuma maganar ta fito kamar ta mai ƙorafi. Ita ma za ta ji kamar an ce ta zo cuta, alhali wataƙila ba ta san sitika aiki ne daban ba. Kowace kwalba sai an auna ta, a sake jera rubutun, a fitar da PDF ɗin da mai ɗab'i zai karɓa.

Ga yadda masu ƙwarewa a cikinmu ke juya shi:

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Na saurari saƙonki, kuma sitikar za ta yi wa kwalaben kyau. Abin da muka yi magana a kai tun farko shi ne tambari da takardar talla ɗaya, naira 40,000, ranar Alhamis. Sitika girma uku da bidiyo sabon aiki ne. Sitikar naira 15,000 ce, bidiyo na daƙiƙa 20 kuma naira 20,000. Idan za a yi duka, jimilla 75,000, kuma zan miƙa ranar Litinin in Allah ya yarda. Idan kin fi so, sai in kawo na farkon ranar Alhamis yadda muka yi, sauran su biyo baya. Wanda kika zaɓa ki rubuto mini, sai in fara. Na gode.”

Duba abin da ya canza. Gaisuwa ta zo gaba, don babba ce. An tuna mata yarjejeniyar ba tare da zargi ba. Kowane ƙari da farashinsa, saboda ta iya ɗaukar sitika ta bar bidiyo. An faɗi sabuwar rana, wadda ita muka fi mantawa, sai Alhamis ta zo a ce mun saɓa alkawari. Sannan an bar mata zaɓi, shi ya sa ba za ta ji an matsa mata ba.

Sai dai mu ma mu yi adalci wajen raba gyara da ƙari. Canza launi ko gyara lambar waya yana cikin gyaran nan biyu. Abin da zai sa ka buɗe sabon shafi a CorelDRAW, shi ne ƙari. Ko tela ma kuɗin ɗinki daban, kuɗin aikin wuya daban, kuma ba wanda ke jin haushinsa.

Idan ka ga dama ka yi kara, yi ta a bayyane: “Sitikar 15,000 ce, amma wannan karon na bar miki.” Ta san ka yi mata alheri, ta kuma san farashin gaba. Idan a waya kuka yi magana, bi ta da rubutu a take, domin neman jimla ɗaya a cikin tarin saƙon murya wahala ce ranar da aka samu saɓani. Malamanmu na fiƙihu ma sun sharɗanta a san aiki a san lada kafin a ƙulla ijara. Don haka kada ka taɓa sabon aikin sai amincewarta ta shigo a rubuce.