"An Gama" Ɗin Wa?

A ofishinmu mun raba allon aiki gida uku, muka rubuta Sabo, Ana Kai, An Gama. Muka yi ta yabon kanmu kamar mun gano hanyar Makka.

Ran nan shugaba ya ga katin takardar neman kuɗi a ƙarƙashin An Gama, ya buga wa masu jira waya cewa saƙo yana hanya. Ashe a wurin magatakarda, "an gama" na nufin ya buga takardar. A wurin akawu, sai an duba lissafi. Masinja kuwa bai san an gama ba sai ya ga sa hannu da hatimi. Takarda tana cikin aljihun tebur, kwana tara.

Ana Kai ta fi muni. Irin maganar tela ce da jajiberin Sallah: ko almakashi bai taɓa yadinka ba, ana kai. Laifin yana wurin "an" da "ana", domin suna ɓoye mai yin aikin. Wa ya gama? Oho.

Sai muka sake sunaye, kowanne ya faɗi hannun da aikin yake ciki da abin da ake jira: Wurin Magatakarda, Jiran Akawu, Jiran Sa Hannu, Masinja Ya Kai. Kati ba ya shiga gidan ƙarshe sai da shaidar karɓa.

Gidan da ya fi cika yanzu shi ne Jiran Sa Hannu. Ranka ya daɗe, kati goma sha ɗaya ne a teburinka.