Hoton Amarya Ya Riga Amarya Kyau

A Norway, tun 1 ga Yulin 2022, duk wanda ya gyara siffar mutum a hoton talla dole ya manna tambarin da ke sanar da hakan. Ko fata aka goge, ko ƙugu aka matse, ko hanci aka miƙe. Tambarin ma ba a ɓoye shi a lungu, sai ya ci kusan kashi 7 cikin 100 na hoton.

Allah ya sa dokar ba ta san hanyar garinmu ba. Da katin biki ya ƙare a tambari.

Nan ai mai hoto likita ne. Ƙuraje su warke ba magani. Baƙa ta wayi gari fara ba mai. Ƙugu ya shige ciki, har ƙofar da ke bayan amarya ta lanƙwashe don tausayi. Fuska tas, hannu kuma yana nan da launinsa na gado, an manta da shi.

Ranar kai amarya, gwaggon ango ta dubi waya, ta dubi amarya, ta sake duban waya.

Ta ce, "’Yata, sannu da hanya. Ita wannan ta hoton, a mota ta biyu take?"