Tambihi Ga Mai Neman Kujerar Darakta

Duk wanda aka taɓa zaunar da shi a ƙarshen dogon tebur, dattawan hukumar gudanarwa suka zuba masa ido suna jiran ya bayyana yadda zai gyara kamfaninsu cikin kwana 90, alhali ko ƙofar ofishin akanta ba a nuna masa ba, ɗan'uwana ne a wahala, don ni ma ban daɗe da fitowa ba.

Na farko, raba kwanakin gida 3 kamar yadda kowa ke yi, wato 30 na saurare, 30 na tantancewa, 30 na zartarwa, amma ka sani duk wanda ya shiga gabaninka haka ya raba. Abin da zai fifita ka shi ne mas'ala guda wadda ake iya aunawa. Idan rahoton masu binciken kuɗi ya nuna bashin da kamfanin ke bin mutane ya ƙaru shekara 2 a jere, to ka ce: "Ranka ya daɗe, ran 30 zan kawo jerin duk bashin da ya haura wata 3, ran 60 in zauna da manyan mabarta guda 5, ran 90 in gabatar muku da abin da ya shigo da wanda ya kamata a yafe." Sannan ka faɗi sharaɗinka ƙarara, wato iyakar kuɗin da za ka sa wa hannu ba tare da komowa gare su ba.

Na biyu, kada ka kushe tsarin da ka tarar, domin galibi wanda ya ƙago shi yana zaune a daman shugaba, kuma za ka gane shi da zarar ya cire tabarau ya ajiye alƙalami.

Na uku kuwa buga takardu ne saboda ɗaukewar wuta, sai dai wannan ya tuna mini da Alhajin da ke shigowa bayan ka ci rabin minti 10 ɗinka, a tashi a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, a kawo masa shayi, sa'an nan ya buɗe takardarka daga shafin ƙarshe ya tambaye ka ainihin abin da ka gama bayani. Wallahi wannan zalunci ne! Mutum ya kwana yana tsara hujjojinsa daki-daki, a ce ya sake daga Bismilla, magatakarda kuma na nuna masa agogo kamar shi ya makara?

Sauran shawarwarin na bar su. In Alhaji ya tambaya, maimaita masa zancen bashin nan da ranakunsa cikin ladabi, domin shi ma ƙuri'a ɗaya gare shi. Allah ya ba da sa'a.