Jarka Nawa Bijimi Ke Sha?

Mu dai mutanen Darki kowa ya san kuɗin buhun dusa da damin harawa, tunda duk Alhamis a kasuwa muke jin farashinsu. Amma tambayi mai kiwo jarka nawa bijiminsa ke sha, sai ya ce, "Ai ana ba shi." A kan wannan aka tayar da hira a majalisa bayan la'asar.

"Baba, ni bokiti biyu nake sa wa nawa, ɗaya da safe ɗaya da yamma," in ji wani matashi.

Dattijon ya girgiza kai. "Ɗana, ka ƙware shi. A zafin Afrilu, babban bijimin da ke cin busasshen abinci yana shan lita 40 zuwa 50, wato jarka biyu ta mai ga-ruwa. Rago lita 4 zuwa 6 ne. Akuya mai shayarwa ta fi wadda ba ta da ɗa sha, don nono kusan duk ruwa ne. To lissafa gidanka: bijimi ɗaya, raguna biyu, akuya ɗaya. Jarka uku ke nan kullum. In ruwa ya gaza, dabba rage ci take yi, ka kai ta Kara a Wudil ran Juma'a dillali ya taɓa ƙugu ya ji ƙashi."

Wani mai kiwon ragunan layya ya karɓe. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda muke ɗura wa rago dusa, mu ƙara da kanwa mai sa ƙishi, sannan ruwa sau ɗaya a wuni. Dusa mai yawa da ƙarancin ruwa su ke tara tsakuwa a mafitsarar rago. Sai ka ga yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan-kaɗan, yana shurin ciki, ya bar ci. Wannan ba na jira ba ne, likitan dabbobi ake nema a ranar.

"To, Malam, kududdufi fa? Kyauta ne."

Nan murya ta ɗaga, don dukanmu muna kora dabbobi can bayan damina. A ruwan da ke kwance ƙananan dodon-koɗi ke zama, su ne ke rainon tsutsar hanta, ita kuma ta maƙale a ciyawar bakin ruwa. Dabba ta ci, sai bayan wata biyu ko uku a ga tana ramewa alhali tana ci, cikin fatar idonta ya yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura. Ko an ba ta magani, in ta koma fadamar nan za ta sake ɗauka.

Baba ya ce shi na rijiya ko na burtsatse yake bai wa nasa, a inuwa yake ajiyewa, kuma kullum sai an wanke kwatarniyar kafin gansakuka ta kama ta. Ruwan wanki mai omo kuwa, ya hana a zubar inda akuya za ta kai baki.