Cingam a kitso, a shadda, a kafet: a ajiye almakashi tukuna

Duk gidan da aka tsinci cingam a kan yarinya, nan take yakan cika da masana. Gwaggo ta ce a kawo almakashi, maƙwabciya ta leƙo ta ce kananzir, wani yaya da bai taɓa tsefe kai ba ya ce a ɗora ruwan zafi. Ita kuwa yarinyar tana tsakiya tana ta kuka, jibi kuma akwai biki a Kubwa. To jama'a, kowa ya koma ya zauna. Wannan aiki kayansa biyu ne kawai, sanyi da mai, kuma kowanne da wurinsa: gashi na mai ne, tufa da kafet na sanyi ne. Wanda ya juya su, shi ne zai kwana yana wanki.

Kafin a ɗauki makami, a san abokin gaba. Zaƙi da ƙanshin da ke cikin cingam tuni yawu ya narkar da su tun ana tauna. Abin da ya rage roba ce zalla. A da, ana yin ta da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Meziko da maƙwabtanta, amma yawancin cingam na yanzu da robar masana'anta ake yin sa. Wannan roba ba ta ga maciji da ruwa, shi ya sa ko sabulun gidan duka aka ƙarar a kanta ba ta motsi. Tana da hali biyu da za a ci ta da su. Idan ta ji sanyi sosai sai ta sandare, ta daina danƙo, ta riƙa farfashewa. Idan kuma ta haɗu da mai, sai man ya ratsa ta, ta saki jiki, ta kasa riƙe abin da ta kama. Zafi kuwa abincinta ne, don an yi ta ne ta yi laushi a ɗumin baki. Ga shi Abuja a watan Maris da Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 35 ko ya zarce, wato dab da ɗumin bakin mutum. Cingam ɗin da aka liƙa a kujerar motar haya da ta fito daga Nyanya yana nan da ƙarfinsa kamar yanzu aka tofar da shi, yana jiran mai farar shadda.

Mu fara da mai shaddar, tunda shi ne ya fi kowa shiga uku. Alhaji, ka sauka a Wuse ranar Juma'a, ka ji bayan rigarka ya ɗan riƙe kujera kafin ya sake ta. Abu na farko shi ne ka kama hannunka. Kada ka murza, kada ka sa farce, kada ka goge da hankici, domin kowace murza tana tura robar cikin saƙar yadin, abin da yake zaune a sama ya koma ɗan gida. Ka daure ka isa gida a haka. Idan wani ya nuna maka bayanka a hanya, ka yi masa godiya ka wuce da mutuncinka.

A gida, idan akwai wuta kuma firiza tana aiki, ka ninke rigar yadda cingam ɗin zai kalli waje, ka sa ta a leda ba tare da ledar ta manne masa ba, ka ajiye a firiza awa 1 zuwa 2. Idan an ɗauke wuta, ka aiki yaro ya sayo fiya wata guda 2 da suka daskare suka zama dutse. Ka saka kowanne a busasshiyar leda ka ɗaure, saboda ɗigon ruwa yana barin shaida a ƙyallin shadda, kuma ba ka so ka kori cingam ka gayyato tabo. Ka ɗora ɗaya ta sama, ɗaya ta cikin rigar, ka haɗa cingam ɗin a tsakiya na minti 10 zuwa 15. Alamar ya yi ita ce ka ƙwanƙwasa shi da bayan cokali ka ji tauri, launinsa ya dushe, kuma bai bi cokalin ba. Idan ya lotsa, da saura.

Daga nan sai sauri. A zafin garin nan, da ka ɗauke ƙanƙara minti ɗaya ko biyu ya ishe shi ya farfaɗo, don haka cokalinka ya kasance a hannu tun kafin ka ɗaga ledar. Ka tura bakin cokalin ta gefen cingam ɗin, ka ɓamɓaro shi zuwa tsakiya. Sa'a ta yi kyau, ya fito ɓawo guda. In ba haka ba, zai riƙa fitowa gutsure-gutsure, kuma da zarar ka ga ya fara jan zare, ka tsaya ka mayar da ƙanƙara. Zagaye biyu ko uku ba abin kunya ba ne. Reza da wuƙa mai kaifi su zauna a inda suke, domin tela yana iya gyara abubuwa da yawa amma bai iya mayar da zaren shadda da aka yanke ba.

Sau da yawa wani ɗan duhu yakan rage. Shi ake bi da sifirit na kemis a ɗan auduga, ana dangwalawa, ba a gogawa, da tsumma mai tsabta a ƙarƙashi don ya tsotse. Amma a fara gwada ɗigo ɗaya a cikin kalmasar riga, musamman idan rinanniya ce ko atamfa, a ga ko launi zai bi audugar. Idan ya bi, a haƙura da sifirit, a sa ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, a hankali. Sai abin da na fi jin tsoro: guga. Muddin akwai sauran cingam, kada rigar nan ta ga dutsen guga, domin zafi zai narkar da shi ya shige zare ya zauna daram. Idan za ka kai wa mai wanki da guga ko masu bugu, ka nuna musu wurin da yatsa, ka faɗa sau biyu.

Me ya hana a zuba wa rigar mai, tunda mai yana sakin cingam? Yana sakin sa, gaskiya ne, amma sai ya bar maka taswirar maiƙo da ta fi cingam ɗin faɗi. A kan wandon makarantar yaro mai duhu ana iya yin kasadar, a wanke da sabulun wanke-wanke nan take. A kan shadda, leshi ko mayafi mai tsada, a'a.

Yanzu mu koma kan yarinyarmu. Hajiya, ki fara da lallashi, don rabin ɓarnar daga fizge-fizge take zuwa. Ki zaunar da ita, ki yafa mata tsohon zani a kafaɗa, ki ware gashin da abin ya shafa, sauran ki ɗaure shi gefe don kada ya yaɗu. Man gyaɗa na girki ya wadatar, haka man kwakwa, man zaitun ko man kaɗanya da aka narkar a tafin hannu. Manja ma zai yi aikin, sai dai zai rina wuyan riga da matashin kai, a bar shi ga miya. Cokali 1 na cin abinci ya isa cingam guda. Ki shafe cingam ɗin da gashin da ke sama da ƙasa da shi har ya jiƙe, ki riƙa matsa shi da yatsu don man ya shiga ciki, sannan ki bar shi minti 5 zuwa 10. Za ki gane ya nuna idan kin taɓa ya daina kama yatsa, ya yi santsi, ya fara rarrabuwa.

Wurin da ake kuskure shi ne taza. Gashinmu murɗaɗɗe ne, cingam yakan shiga kowane lanƙwasa, idan aka cusa mataji daga tushe aka ja, gashin ne zai tsinke. Ki riƙe gashin da hannu ɗaya tsakanin cingam da fatar kai don kada jan ya isa gare ta, ki fara zare guntayen da yatsu zuwa ƙasa, kina goge su a takarda. Sai mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi ana hawa sama kaɗan-kaɗan, ƙaramin mataji a ƙarshe. Idan cingam ɗin a kan kitso yake, ki jiƙa layin da mai tukuna, ki tsefe wannan layin kaɗai daga jela har ki wuce wurin, ki tsabtace, mai kitso ta mayar. Layi ɗaya ne ya ɓaci, kan duka bai yi laifi ba. Wajen wanki, ki shafa sabulun wanke gashi a kan man kafin ki zuba ruwa, ya fi saurin ɗauke maiƙon, ki wanke sau biyu.

Ƙanƙara a gashi tana aiki idan ɗan guntu ne a bakin jela, ko a kan gashin roba da ake ƙarawa a kitso. Kusa da fatar kai kuwa, babu yaron da zai zauna minti 10 da ƙanƙara a ka, kuma ɗumin kan yana narkar da abin da kika daskarar. Kananzir da fetur kuma ba na wasa da su ko a cikin raha: suna ƙona fata, suna kama wuta daga risho ko gawayi, ga ido a kusa. Masu gemu, ku ma wannan darasi naku ne, man gyaɗa da mataji, babu buƙatar zuwa wajen wanzami da sassafe ana ɓoye fuska.

Kafet shi ne mafi sauƙi, in dai ba a taka shi an zagaya falo ba. A kife kwano a kan wurin don kare shi daga ƙafafun baƙi, a kawo ƙanƙara a leda a ɗora minti 15, a ɓamɓare da cokali daga gefe zuwa tsakiya, ana ɗaga gashin kafet ɗin sama. Kowane ɓarɓashi a tsince shi nan take, domin wanda aka bari zai yi laushi ya buɗe sabon reshe a gefe. Ragowar a dangwale da ruwan sabulu kaɗan, a bi da ruwa mai tsabta, a danne da busasshen tawul. Mai a kafet haramiyar aikin nan ce: ba a iya ɗauraye shi ya fita, kuma da ƙurar hunturu ta sauka sai wurin ya zama baƙin tambari a tsakiyar falo. Darduma ƙarama kuwa ba ta buƙatar wannan wahala, a naɗe ta cingam yana waje, a sa a leda, a miƙa ta firiza kamar rigar Alhaji.

Ƙasar Singafo ta gaji da irin wannan kankara a jiragen ƙasa da tituna, ta hana shigo da cingam da sayar da shi a 1992. Mu a nan yana kan tiren kowane mai talla daga Garki har Gwarimpa, saboda haka doka ɗaya ta isa a kafa a gida: babu mai kwanciya da cingam a baki, don sau da yawa wanda ake samu a kitso daga matashin kai yake hawa. Wanda ya gama tauna kuma ya naɗe shi a takardarsa ya jefa a shara, ya bar ƙarƙashin kujerar mota ya huta.