Yadda Ake Roƙon Ƙarin Wa'adi Ba Tare da Roƙon Ƙarin Kuɗi Ba

Ƙarin wa'adi marar ƙarin kuɗi shi ne amincewar da mai ba da tallafi yake yi a ɗage ranar kammala aiki, bisa sharaɗin cewa ba za a nemi ko dala ɗaya a kan abin da aka riga aka sa wa hannu ba. Ƙungiyoyin da ke aiki a gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram sukan buƙace shi, domin kalandar ofishin da ya ba da kuɗi ba ta san lokacin da koramu ke yanke hanya ba.

Sharaɗi na farko shi ne a rubuta wasiƙar tun wa'adi yana da sauran rai, domin ƙa'idar tallafin Tarayyar Turai, alal misali, tana neman buƙatar gyaran yarjejeniya ta iso aƙalla kwana 30 kafin gyaran ya fara aiki, kuma wasiƙar da ta iso bayan ƙarewar wa'adi ta fi kusa da ta'aziyya fiye da roƙo. Ya kamata kuma marubuci ya danne zuciyarsa game da gaisuwa: tambayar gajiya da iyali da sanyi tana da muhallinta a zaure, amma jami'in da ke da takardu arba'in a gabansa yana son ya ga lambar yarjejeniya, da tsohuwar ranar kammalawa, da sabuwar da ake nema, duk a sakin layi na farko.

Dalilai su ne zuciyar wasiƙar, kuma dalili karɓaɓɓe shi ne wanda yake da kwanan wata, wanda kuma ba a iya hango shi ba sa'ad da ake tsara aikin. "Allah bai nufa ba" magana ce ta gaskiya, sai dai ba ta da gurbi a jadawalin mai binciken kuɗi. Haka nan damina, wadda take sauka kowace shekara tsakanin Yuni da Satumba, ba za a gabatar da ita a matsayin baƙuwa ba, domin wanda ya ce ta shammace shi ya shaida da bakinsa cewa bai iya tsari ba. Rufe iyaka kuwa dalili ne mai ƙarfi: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe iyakar Najeriya, wadda Magarya ta dogara da kasuwanninta, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024.

A ɗauka cewa wata ƙungiya ta karɓi tallafin haƙa rijiyoyin burtsatse 12 a ƙauyukan Bande da Dogo-Dogo, wa'adinta zai ƙare ranar 31 ga Disambar 2023, amma zuwa Nuwamba guda 7 kawai aka gama saboda bututu da famfunan da aka saya a Kano sun maƙale a ƙetaren iyaka. Wasiƙarta za ta faɗi ranar da aka yi odar kayan, da ranar da suka tsaya, da ɗan kasuwar da aka samu a Damagaram a madadin na farko, sannan ta nemi wata 5, zuwa 31 ga Mayun 2024. An zaɓi Mayu ne domin motar haƙa rijiya ta fita daga ƙauyuka kafin ruwa ya sauka. Wanda kunya ta sa ya nemi wata 2 zai sake dawowa da ƙoƙon bara, kuma roƙo na biyu ya fi na farko wuyar karɓuwa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafi, domin watannin da aka ƙara suna cin albashi da hayar ofis da man mota, alhali mai tallafi ba zai ƙara kome ba. Idan abin da ya rage miliyan 40 ne na sefa, rijiyoyi 5 a kan miliyan 6 kowace za su ci miliyan 30, gudanarwa a kan miliyan 1.5 a wata za ta ci miliyan 7.5, sai a bar miliyan 2.5 domin horar da kwamitocin ruwa da binciken kuɗi na ƙarshe. Idan lissafin bai rufe ba, to abin da ake nema ƙarin kuɗi ne da aka lulluɓe, kuma jami'in zai gane haka kafin ya kai ƙarshen shafi.

A haɗa wasiƙar da sabon jadawalin aiki da kasafin da aka gyara, shugaban ƙungiya ya sa hannu, sannan kada a kashe kome bayan tsohon wa'adi sai amincewa ta iso a rubuce, domin "ba damuwa" da aka faɗa ta wayar tarho ba ta hana a ce ƙungiya ta mayar da kuɗin daga aljihunta.